Kuɗin 'Yar Fari, Rasit ɗin Ƙane

Shekarun da na yi ina akawun kuɗi a wata makarantar kuɗi a Talata Mafara, ba sai na leƙa gonakin madatsar ruwan Bakolori nake sanin ko an saki ruwa ba. Akwatin kuɗina ke gaya mini. In ruwa ya biyo kanal da wuri, shinkafar rani ta yi kyau, iyaye sukan zo da fara'a su biya har da na zango mai zuwa. In ya makara, sai gaisuwa ta yi tsawo a bakin tagata, mutum ya tambayi gida da aiki da gajiya da zafi, ya sake komawa kan gida, duk don kada a zo wurin maganar da ta kawo shi. Ɗalibanmu kuwa ba 'yan cikin gari kaɗai ba ne. Akwai na Bakura, akwai na Maradun, akwai na ƙauyuka irin su Faru da Tsibiri da Damaga waɗanda ke zaune wurin 'yan uwa a gari.

Ni 'yar mahauta ce, rundawa kamar yadda ake ce mana a can, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. A gidanmu na koyi cewa ciniki ba ya son "ai ka gane". Ko ka karɓa ko ba ka karɓa ba. Da wannan halin na shiga aiki, na tarar ana rubuta kuɗin makaranta a littattafai uku da ba sa ga maciji da juna. Wata rana aka kori yaron da ya biya, aka bar wanda bai biya ba yana cin ƙosai a aji. Ranar na ce wa mai makarantar, wani Alhaji da ya fara da sayar da taki kafin ya gina ajujuwa, ko dai ya saya mini kwamfuta ko ya nemi wata akawun. Ya yi ta mita har mako ya zagayo, sannan ya saya.

Abin da na shirya a cikinta ba tsafi ba ne, ko da yake mai gadinmu ya rantse tsafi ne. Manhajar lissafi ce mai gidaje-gidaje kamar fangalin lambu, na raba ta shafi uku. Shafin farko na ɗalibai ne. Kowane yaro yana da lambarsa da ba ta canzawa har ya gama, sai sunansa da ajinsa, bashin da ya kwana daga zangon baya, kuɗin wannan zango, abin da aka biya, da abin da ya rage. Shafi na biyu na rasit ne. Duk wanda ya kawo kuɗi ina rubuta masa rasit daga littafi mai lambobi a jere, ya tafi da na sama, kwafin ya zauna a littafin, sannan in shigar da layi ɗaya a kwamfuta: lambar rasit, rana, lambar ɗalibi, adadin kuɗi. Shafin farko da kansa yake tattaro duk kuɗin da aka shigar da lambar yaro ya cire daga abin da ake binsa. Shafi na uku kuwa na kulle shi, ba mai rubutu a ciki, har ni. Aikinsa ya jero duk wanda ragowarsa ta wuce sifili. Ka biya da safe, sunanka ya sauka kafin ka kai bakin ƙofa. Shi ake bugawa a ba mai gadi, kuma shi ake dubawa kafin a yi wa 'yan ajin ƙarshe rajistar jarrabawar fita.

Doka biyu na kafa, Alhaji ya amince da su da murna domin sun toshe masa ɓaraka. Ba a goge rasit. Ba a kuma ɗauke kuɗi daga kan wani yaro a mayar kan wani sai da takardar canji, wanda ya biya ya sa hannu, Alhaji ya sa nasa. Na yi alfahari da dokokin nan, har yau ma ina yi.

Sai Allah ya ba ni haihuwata ta fari, na tafi gida wankan jego. Alhaji ya zaunar da ƙanensa a kujerata, saurayi mai hankali da saurin hannu. Na koya masa komai kafin in tafi, kuma ban ga laifin koyonsa ba. Kullum yamma jimlar rasit tana daidai da kuɗin da ke akwati, ko kwabo bai ɓata ba.

Na dawo ranar wata Litinin da goyo a baya, ana saura kwanaki kaɗan a rufe rajistar jarrabawa, Alhamis za a rufe. Tun daga nesa na hango wata yarinya tsaye a wajen ƙofar makaranta da jakarta, mai gadi yana kallon ƙasa. Na san ta. 'Yar Damaga ce, tana ajin ƙarshe, tana zaune wurin gwaggonta a bayan kasuwa tare da ƙanenta da ke ƙaramar sakandare. Ita ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi, irin yaran da malami ke shiga ajinsu da shiri.

Na ce, "Ke, mi kike yi waje?"

Ta ce, "Malama, sunana na cikin takarda. An ce ba a yi min rajista."

"Babanku bai biya ba?"

"Ya biya, Malama. Sa guda yas saida ranar Talata, gwaggo ta gani da idonta ya shigo nan."

Ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ya fi ba ni haushi, domin alama ce ta kwana biyu tana faɗin wannan magana ba mai saurare. Na ce wa mai gadi ya bar ta ta shiga aji, in an tambaya ya ce ni na ce. Ya ce shi dai takarda aka ba shi. Na ce takardar ma ni ke buga ta.

Na kunna kwamfuta tun ban kwance goyo ba. Gaskiya ne, sunanta na can sama a shafi na uku, ana bin ta kuɗin zango da kuɗin jarrabawa cif, ko sisi bai shiga lambarta ba. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Sai na koma shafin farko na nemi ƙanenta. Nasa kuɗin an biya tun farkon zango, lokacin da uban ya sayar da gero, ni da kaina na rubuta rasit ɗin. Amma ga wani rasit na biyu a lambarsa, na ranar wata Talata ina gida, kuma ragowarsa ta koma ƙasa da sifili, wato makaranta ce ke riƙe da rarar kuɗinsa. Rarar kuwa daidai take da abin da ake bin yayarsa, ba daɗi ba ragi. Shafi na uku masu bashi kawai yake nema, bai san da masu rara ba, shi ya sa ba wanda ya gani. Jimlar kuɗi kuma ta yi daidai da akwati, domin kuɗin sun shigo da gaske. Gidan da suka sauka ne ba nasu ba.

Na kira ƙanen Alhaji na nuna masa, na tambaye shi yadda aka yi. Ya tuna mutumin sarai. Ya ce dattijon ya zo ranar kasuwa, layi har bakin titi, ya ajiye kuɗi ya ce na yarinyar nan ne. Shi kuma ya ce masa wace yarinya, a nan da suna ake nemo lamba, in ba suna ba rasit. Dattijon ya kalli gefe, mutane na ta ƙorafi a baya. Da aka matsa masa sai ya ambaci sunan yaro namiji, ya ce a rubuta, ai duk gida ɗaya ne. Aka nemo lambar yaron aka rubuta.

Nan take na gane, har sai da na zauna. Yarinyar 'yar fari ce. Mutumin Damaga mai furfura ba zai buɗe baki ya kira sunan 'yarsa ta fari ba, ko a ɗaki, balle a gaban layin mutane. Sunan ƙanen kaɗai bakinsa zai iya ɗauka, shi ya bayar. A ganinsa kuɗi sun shiga hannun makaranta, makaranta kuwa ta san 'ya'yansa. Shekara da shekaru da yake zuwa tagata ban taɓa tambayarsa suna ba. In ya ce "na yarinyar nan" na san wacce, in ya ce "na wane" na san wane. Ni ma 'yar fari ce. Ubana har ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba, "ke" ce ni, ko "waccan mai bakin", kuma ban taɓa shakkar ya fi sona a kan kowa ba. Ga kuma wadda ke barci a bayana, ranar suna da liman ya faɗi sunanta na sunkuyar da kai, kuma tun daga ranar bakina bai iya maimaita shi ba.

Na cika takardar canji na kai wa Alhaji ofis. Bayan mun gaisa ya yi mini barka da arziki, ya tambayi jaririya, na zayyana masa komai.

Ya ce, "Malama, rasit ɗin sunan wa ke bisa?"

Na ce, "Na ƙanen, ranka shi daɗe."

"To ke kic ce min rasit shi na shaida. Rarar ta zamna ga yaron, zango mai zuwa ba shi biya. Ita kuma a kawo nata."

"A kawo daga ina? Sa guda gare shi na saidawa, ya saida."

"Wagga ba matsalata ba ta. In na buɗe wagga ƙohwa, gobe kowa shi zo shi ce kuɗɗin da nib biya na wancan na, ba na wanga ba. Kin manta abin da anka yi muna bara?"

Ban manta ba. Wani ɗan kasuwa daga Bakura ya taɓa yawo da kuɗi ɗaya tsakanin 'ya'yansa uku, duk wanda aka kora sai ya ce ai nasa ne aka biya, har shekara ta ƙare. Saboda shi ma na kafa dokar. Kuma na san malamai na bin albashi, man janareto ma bashi ake ɗauko shi. Alhaji ba mugu ba ne, amma na ga lissafin da ke idonsa: in aka bar rarar a kan yaro, dole gidan su nemo wasu kuɗin kafin Alhamis, makaranta ta samu biyu a zango ɗaya. Ga shi kuma ba ya son a ce an yi kuskure lokacin da ƙanensa ke kan kujera.

Na ce, "Dokar ta ce wanda yab biya shi sa hannu, kai ka sa naka. Ba ta ce a hana ba."

Ya ce, "To shi zo. Shi zo nan gabana shi hwaɗi da bakinai, kuɗɗin wance na, shi kira sunanta. In yaf faɗi, in sa hannu."

Ya faɗa yana gyara hula, domin ya san abin da ya nema. Shi ma Bamafare ne, shi ma yana da ɗan fari da yake kira "babban yaron nan". Jinina ya hau. Na ce masa ranar Laraba zan kawo jerin waɗanda suka cancanci rajista don in sa hannu a tura, kamar kullum, amma in babu yarinyar nan a ciki hannuna ba zai hau takardar ba, sai dai ya nemi wani ya sa. Ya ce ashe haihuwa ta ƙara mini baki. Na ce da shi aka haife ni, ya tambayi 'yan kasuwar nama.

Da na koma tagata, ƙanen Alhaji ya matso ya yi ƙasa da murya, da kyakkyawar niyya. Ya ce ai kalmar sirrin tana hannuna, in canza lamba ɗaya kawai a layin rasit ɗin, sunan yarinya ya sauka, wa zai sani? Gaskiyarsa, aikin ƙiftawar ido ne. Na ce a'a. In na canza a kwamfuta, kwafin da ke littafi zai ci gaba da faɗin sunan ƙanen, rasit ɗin da ke hannun dattijon ma haka. Ranar da aka haɗa su aka ga sun saɓa, ba wanda zai ƙara yarda da shafin nan, kuma yaran talakawa ne za su fara shan wahalar hakan, domin su ba su da wanda zai tsaya musu sai rasit. Ba zan shiga ta taga in saci gaskiya ba alhali tawa ce. Ta ƙofa zan shiga da ita.

Washegari Talata, ranar kasuwa. Damaga ba a samun waya sai an hau tudu, don haka ban tsaya neman kira ba. Na goya 'yata na nufi kara, inda ake cinikin shanu, wurin da mace mai jego ba ta da abin yi. Yayyena maza ba ni da su, amma ƙanena mai bi mini yana can yana sayen na yanka, ya gan ni ya riƙe baki.

Ya ce, "Yaya, lahiya? Inna ta san kina nan?"

Na ce, "In ka gaya mata kai da ni ne. Ka san wani dattijo na Damaga da yas saida sa kwanan baya?"

Ya sani, har ya yi tayin sa ɗin bai samu ba. Ya ce dattijon ya ƙi sallamawa sai da kuɗin suka kai abin da ya ƙudurta, yana ta cewa na jarrabawar yarinya ne. Muka same shi a inuwar wata bishiyar bedi tare da mutanen garinsu, ya rako wani maƙwabcinsa sayar da tumaki. Dogo ne siriri, da sanda a kafaɗa. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa ta gaske, gida da iyali da dabbobi da labarin ruwan bana, ya yi wa jaririya addu'a. Sannan na tambaye shi ko yana tare da rasit. Ya cire hula, ya zaro shi daga ciki, a naɗe cikin leda. Bai iya karatun boko ba, bai san abin da ke jiki ba, amma ya adana shi kamar takardar gona.

Na gaya masa abin da ya faru.

Ya ce, "Malama, an kore ta?"

"An tsai da ta bakin ƙohwa, Baba. Na shigar da ita. Amma in ba a gyara ba kahin Alhamis, ba ta rubuta jarrabawa bana."

"Ba ta hwaɗa min ba."

"Yo ta ina za ta hwaɗa maka, Baba? Kai ba ka kiranta, ita ba ta iya tsayawa gabanka."

Mutanen garinsu suka yi dariya, shi bai yi ba. Na gaya masa sharaɗin Alhaji ban ɓoye komai ba. Ya ce shi kam a rayuwarsa bai taɓa ba, uwarsa ma ba ta taɓa kiran yayansa ba har ta rasu. Ya ce ko ya nemi rance a garin ya sake biya. Na ce wallahi ba zai biya sau biyu ba ina raye, ya dai taso mu tafi, sauran ya bar mini.

A hanya ban san abin da zan yi ba, kada in yi ƙarya. Tafiya kawai nake ina huci, dattijo na bina da sandarsa. Sai da muka shiga harabar makaranta na ga yara da katin shaida rataye a wuya, sannan abin ya faɗo mini. Na aika aka kira yarinyar da ƙanenta daga aji, na karɓi katunansu, na ce su tsaya a baranda. Na sa ƙanen Alhaji ya tayar da janareto, na ce Alhaji ya yi haƙuri ya tako ofishina, domin a gaban kwamfuta za a yi.

Alhaji ya zo, suka gaisa da dattijon kamar ba komai, har da tambayar farashin shanu. Sannan ya zauna ya ce, "To Malam, kuɗɗin da kab biya, na wa na cikin ɗiyanka? Kira min suna."

Dattijon ya dubi ƙasa. Ya buɗe baki ya rufe. Ta taga ina hango yarinyar ta juya baya don kada ta ga ubanta a haka. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Alhaji a lokacin ba, kuma ban ɓoye ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, kahin shi amsa, ina da tambaya. Kwamfutar ga da kas saya, da suna take aiki ko da lamba?"

Ya ce, "Ke kis sani."

"Kai ma ka sani, na nuna maka tun ranar hwarko. Yara nawa ag gare mu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya? Suna ba ya shiga lissahi. Layin rasit lamba yake ɗauka, takardar canji ma lamba ta ka tambaya, ga ta nan ka duba. Doka ta ce mai biya shi tabbatar da ɗalibi. Ba ta ce shi yi abin da kai ba ka yi ga naka ba."

Na ajiye katunan biyu a kan tebur gaban dattijon, kowanne da hoto da lamba. Na ce, "Baba, wanne kab biya wa ranar da kas saida sa?"

Ya miƙa yatsa ya ɗora a kan katin yarinyar, a gefen hoton, bai taɓa fuskar ba. Ya bar yatsan a wurin.

Na ce, "Wagga lamba ɗari biyu da bakwai ta. Ita ce?"

Ya ce, "Ɗari biyu da bakwai." Ya ɗaga kai ya dubi Alhaji ido cikin ido, ya sake cewa da ƙarfi, "Ɗari biyu da bakwai. Ita nib biya wa."

Na tura masa tawada ya dangwala babban yatsa a takardar canji. Na juya takardar na ajiye gaban Alhaji da biro a kai, na tsaya ina jijjiga goyo ina kallonsa. Ya dube ni, ya dubi dattijon, ya dubi ƙanensa da ke bakin ƙofa. Ya ce in ya sa hannu, in sani wannan ne zangona na ƙarshe a makarantarsa, domin ba a yi masa haka a gaban baƙo. Na ce na ji, ga biro. Ya sa hannu.

Na zauna na shigar da layi biyu a shafin rasit, tsohon layin na nan ban taɓa shi ba. Layi ɗaya ya cire kuɗin daga lambar ƙanen, ɗaya ya zuba su a lambar yayar, kowanne da lambar takardar canji da lambar rasit ɗin asali a gefensa. Jimlar kuɗin makaranta ba ta motsa ba ko da kwabo, na nuna wa Alhaji don ransa ya kwanta. Ragowar yaron ta dawo sifili, ta yarinyar ma sifili. Na buɗe shafi na uku na juya musu fuskar kwamfutar. Wanda ke na biyu ya hau sama, sunanta babu.

Dattijon ya ƙura wa gilashin ido, alhali bai san ko harafi ɗaya a ciki ba. Ya ce, "Ta hita?"

Na ce, "Ta hita, Baba."

Ya ce alhamdu lillahi, ya naɗe kwafin takardar canji tare da tsohon rasit ya mayar cikin hula.

Kafin zangon ya ƙare na ƙara shafi na huɗu, mai jero duk wanda ke da rara, aka kuma riƙa ba kowane uba kati mai hoton ɗansa da lamba, ya nuna kawai in ya zo biya. Shafin na buɗuwa sai ya fito da wasu gidaje daga Faru da Tsibiri, ƙane da rara, ɗan fari a jerin masu bashi, duk na kwanakin da nake jego. Alhaji ya sa hannu a takardunsu. Amma bai janye maganarsa ba, ni ma ban roƙe shi ba. Ƙarshen zango na miƙa wa ƙanensa kalmar sirri da littattafan rasit, na ɗauki jakata. An yi ta ce mini in je in ba da haƙuri, mai jego da aiki a hannu ba ta wasa da shi. Na ce haƙurin me? Na yi wata da watanni ina taya innata sayar da kilishi kafin in samu wani aikin a Maradun, kuma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Yarinyar ta rubuta jarrabawarta. Ranar da sakamako ya fito ta zo har gidanmu ta nuna mini, ta zauna a tabarma tana wasa da 'yata, wadda a lokacin ta fara tafiya. Na tambaye ta ko babanta ya ji. Ta ce ƙanenta ya kai masa labari Damaga, ya tarar da shi a majalisa cikin dattawa. Wai da ya ji sai ya juya ya ce wa mutanen, da murya yadda kowa zai ji, "Ɗari biyu da bakwai ta ci."

Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Malama, tun da aka haihe ni bai taɓa yin maganata cikin mutane ba sai ran nan."

'Yata ta kama hanyar murhu da gudu. Na buɗe baki in kira ta, sunan ya tsaya mini a maƙogwaro kamar kullum. Na ce, "Ke! Dawo nan."